Tambaya shida, amsa guda

Bara, da hutu ya gabato, sai da kowane ɗalibin ajinmu a jami'ar Tawa ya nemi wurin sitaj. Ni ɗan Buza ne, kuma tun ina ƙarami nake jin labarin Furoje Keita, wanda aka fara a 1984 don raya ƙasar da fari ya cinye. Shi ya sa na nemi wata ƙungiya mai aikin gyaran fako a Keita, suka ce in aiko da mel.

Na zauna na rubuta da Faransanci, sakin layi guda, dogo kamar igiyar guga. Bayan gaisuwa na zuba tambaya shida a ciki: ko sun karɓe ni, yaushe zan fara, wace takarda zan kawo, wa zai sa hannu a yarjejeniyar sitaj, ko akwai wurin kwana, da kuma inda buronsu yake. Bayan kwana biyar amsa ta zo, layi ɗaya tak. Shugaban ya kwatanta mini inda buron yake, ya ce sai na zo.

Na ɗauka an gama. Na shiga mota na tafi Keita, na tarar ya fita daji, ba zai dawo ba sai bayan mako. Sakatare ya ce ko da yana nan, ba a karɓar kowa sai da yarjejeniyar da jami'a ta riga ta sa wa hannu. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya tafi a banza, ga ranar ajiye dosiye saura kwana goma.

Na kira yayata da ke aikin sakatariya a Madawa, ina ta faɗa. Ta ce in tura mata mel ɗin. Da ta karanta sai ta yi dariya.

"Kai ƙanena, mi kaka so shi yi da wanga? Mutumin ga bisa portabul shika karatu, ƙila ma cikin mota. Abin da idonai ya gani daga ƙarshe shi ya amsa. Sa musu lamba."

Da dare muka gyara shi tare ta talho. Farko muka jefar da tambayar buro, tunda na riga na gan shi. Ta wurin kwana kuma ta ce ba ta shugaba ba ce, in tambayi sakatare. Saura huɗu. Muka sa wadda sauran suka dogara da ita a sama, don in amsarta a'a ce, ba sai ya wahala da na ƙasa ba. Kowace lamba tambaya guda, ba a cusa biyu da "da kuma". Sannan muka juya su yadda kalma ɗaya ko biyu za ta isa amsa. Ga ma'anar abin da na aika:

1. Kun karɓe ni sitaj na wata biyu? I ko a'a.

2. In fara Litinin ta farko a watan Yuli, ko kuna da wata rana?

3. Ban da yarjejeniya da kopin katin ɗalibi, akwai wata takarda?

4. In ba ku nan, wa zai sa hannu a madadinku?

A gidan Objet na rubuta cewa tambaya 4 ce kan sitaj, don ya san nauyin abin kafin ya buɗe. A ƙasa na faɗi ranar da jami'a za ta rufe karɓar dosiye. Lambobin da hannu na buga su, na bar layi fanko tsakaninsu, saboda su fito sarai a ƙaramin allo.

Abu guda ya dame ni. Na ce, "Yaya, babba ne fa, kar ya ga kamar ina ba shi umarni." Ta ce gaisuwa ta tsaya yadda take, in ƙara layi guda: na jera su ne don in rage muku wahala, kuna iya amsawa da lamba kawai.

Washegari da hantsi amsa ta shigo: 1, i. 2, ya yi. 4, mataimakina. Lamba 3 babu. A da, da ban ma lura an tsallake wani abu ba sai na isa Keita. Yanzu giɓin a fili yake. Na mayar da layi ɗaya cikin ladabi, na ce saura lamba 3. Ya ce in haɗo da hoto biyu.

Na yi wata biyu ina auna ramukan rabin wata da zai tare ruwan sama a fako. Ranar da zan tafi, shugaban ya ce zai aiko mini da tambayoyi kan rahotona. Da suka zo, guda uku ne, kowace da lambarta.