Ribar da na lissafa a baki, da wadda ta shigo hannu

Da yawanku kun san ƙaramar sana'ar da muke yi ni da ɗiyata. Masu bincike na forje suna zuwa ƙauyuka su ɗauki muryar mutane, sai su aiko muna ta WhatsApp ko imel, mu rubuta hirar mu juya ta Faransanci. Ba mu biyu ke yin aikin duka ba. Muna raba shi ga matasa masu odinata, wani a Zinder, wata a Tawa, wasu ma ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Ni ce mai karɓar aiki, in raba, in duba Hausar, in riƙe lissafi.

Babban aikinmu na farko hira ce ta awa goma, kowace awa jikka 20, ya kama jikka 200. Na ba yara uku a kan jikka 15 kowace awa. Na ce a raina jikka 50 tawa ce, har na fara sawo buhun hatsi a zuci.

Mai aikin ya ce sai an gama zai biya, su kuwa yara suna son kuɗinsu hannu da hannu. Sai na ɗauki bashin jikka 150 a asusun ƙungiya, da riba kashi goma cikin ɗari kowane wata, kamar kowa. Kuɗin intanet da na aike sunka ci jikka 12. Sannan aikin awa uku ya dawo muna, wai ba a rubuta maganar mutane ba, taƙaitawa anka yi. Gaskiya ne kuwa, ga shi na riga na biya yaron duka, ya daina ɗaukar kira. Na sake biyan wani jikka 45. Kuɗi ba su shigo ba sai bayan wata biyu, asusu ya karɓi jikka 30 ribarshi. Ku haɗa 12 da 45 da 30, jikka 87 ke nan a kan ribar 50. Na cika jikka 37 daga kuɗin ƙulli-ƙullina. Abin da ya fi ciwo shi ne tsayawa gaban matan da nake yi ma wa'azin biyan bashi kan lokaci, in roƙi ƙarin wata.

Tun daga nan ba ni faɗin farashi sai na raba shi gida-gida. Yanzu awa guda jikka 25 ce: 14 ta mai rubutu, 3 ta mai dubawa, 2 ta intanet da aike, 2 ajiya don gyara, 4 riba. Ko ɗiyata ce ta duba, ana biyanta, don ranar da ba ta nan dole in biya wani. Wanda ya ce ya yi tsada, ina gaya mishi awa guda ta magana tana cin wuni guda na rubutu, kafin ma a zo juyi. Wasu sun tafi, ban bi su ba. Kuma ba mu fara aiki sai rabin kuɗi ya shigo. Da shi nake biyan yara rabi in sun kawo aiki, sauran rabin sai an duba. Asusu bai ƙara ganina don wannan ba.

Sai maganar kyan aiki. Sabon yaro, minti biyar nake ba shi gwaji, in biya shi. Na zaɓi wuri mai wuya, inda tsohuwa ke magana da harshen Adar, ga kukan awaki, ga mutum biyu suna magana tare. Mai gaskiya zai rubuta "ban ji ba" ya sa mintin. Mai ƙirƙira zai kawo maki jimla sumul wadda ba wanda ya faɗe ta. Shi nake gudu.

Kowane mai rubutu yana sa alamar lokaci bayan minti biyu biyu. In aiki ya zo, na fara duba yawan shafi. Hirar awa guda kan ba mu shafi 15 zuwa 20, to in na ga biyar na san an yi tsallake. Daga nan in sa abin saurare a kunne, in bi wuri uku, amma na fi tsayawa kusa da ƙarshe, don can gajiya ke kama mutum. Muna kuma da takarda guda ta kalmomi irin su zubi, tara da habbanaye, da yadda munka yarda a juya su, don kada yara uku su kawo fassara uku.

Wadda ke karɓar odar ɗinkin anko ta waya tana raba ma teloli, lissafinmu guda ne. Mai kaya ba ya san telanki ba, ke ya sani. Kafin ki ce "na yarda", rubuta kuɗin dubawa da na gyara a littafi. Allah ya sa albarka a zubinmu.