Shawara uku, wuni guda: yadda muka tsai da aikin hakaton a Gaya

Tun da muka taɓo zancen hakaton a rediyo, matasa ke tambayarmu abin da ya fi wuya a cikinta. Hakaton gasa ce da ake tara mutane ekip-ekip, a ba su kwana ɗaya ko biyu su ƙera wani abu na salula ko odinatar da zai warware wata matsala. Kowa na zaton rubuta manhaja ne wahalar. Mu dai abin da ya fi cin ranmu shi ne mu biyar mu yarda da shawara guda kafin la'asar ɗin ranar farko, don a lokacin ne ake miƙa sunan aiki, kuma ba a canzawa.

Muna da masu rubuta manhaja biyu, da malamar lise, da ɗan wani manomin shinkafa, sai mu na rediyo. Ƙarfe 9 shawara uku ke kan allo, kuma duk ukun ciwon Gaya ne na gaske.

Ta farko ta kogi ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ta haɗa mu da Malanville, mutane da kaya suka koma jirgin kwale-kwale. Ƙaramin cikinmu, wanda wansa ke ƙetarawa kusan kullum, ya so saƙon da zai ce wa fasinja yau kogin Isa na ƙetaruwa ko a'a. Ta biyu kasuwar shinkafa ce a salula, manomi ya sa kayansa, mai saye ya biya ta waya. Ta uku farashin hatsi a kasuwannin Gaya da Malanville da Kamba, a kuɗi iri ɗaya da awo iri ɗaya.

Awa guda aka yi kowa na kare tasa. Da wani ya ce a haɗe su duka a manhaja guda, malamar ta hana. Ta ce mu ba kowace shawara sakan 30, kamar kominike a rediyo: wa zai yi amfani da ita, me zai samu. Haɗaɗɗiyar ba ta shiga sakan 30 ba sai da “kuma” huɗu. In kun ji ekip na ta jera “kuma”, to ba su zaɓa ba, gudun ɓata wa juna rai suke.

Daga nan muka daina gardama, muka yi wa kowace shawara tambaya uku. Bayanin da za ta ci, za mu same shi yau? Akwai wanda izininsa ya zama dole kafin ta yi aiki? In ta yi kuskure, me zai samu mutum?

Ta shinkafa ta faɗi a tambaya ta biyu. Manoma da yawa ƙaramar salula gare su, don haka sai an bi ta lambar USSD, irin wadda ake dannawa da tauraro a duba kuɗin waya. Wannan lamba kamfanin waya ke bayar da ita bayan yarjejeniya, haka ma biyan kuɗi ta waya. Ba aikin kwana biyu ba ne. Da mun ɗauke ta, hoton allo kawai za mu nuna wa alƙalai.

Ta kogi ce ta ɗauke mu har azahar, don ita ta fi taɓa zuciya. Ana auna tsayin ruwan kogin, hukumar ABN da ke Yamai tana fitar da bayanai a kai. Amma abin da ke kifar da jirgi sau da yawa lodi ne fiye da ƙima, da iska, da tafiyar dare, kuma ba ɗayansu da ke cikin awon ruwa. Saƙonmu na iya cewa lafiya lau, mutum ya shiga jirgin da aka danƙara wa buhuna. Mai shawarar ya yi shiru, can ya ce wa malamar: “Anti, in saƙona ya ce wa yayana ya hau, ya hau bai dawo ba, me zan ce wa inna?” Shi da kansa ya goge ta daga allo.

Saura ta farashi, ita ma ba mu karɓe ta da baki ba. Muka ba kanmu minti 45 na kiran waya, da sharaɗin in ba mu samu farashin masara daga kasuwa ukun ba, mu bar ta. Mun samu, don masu sauraro da ke kiran shirinmu suna ko'ina. Wata Hajiya mai sayar da hatsi ce ta gyara mana tunani. Ta ce: “Ƴaƴana, farashi ai kowa na jinshi a tasha. Canji ne ke cinye mu, da awo.”

Ga abin da take nufi, da lissafin misali. A ce buhun masara a Kamba naira 50,000, kuma ƴan canji na ba da naira 2,500 a jikka guda. Buhun ya tashi jikka 20, wato sefa 20,000. Ƙara jikka 2 na mota da dako da sauran kuɗin hanya, ya zama 22,000. In ana saye 23,000 a Gaya, ribar jikka guda ce. To a ce kafin ta canza kuɗinta naira ta ɗan farfaɗo, jikka ta koma naira 2,300. Buhun ya zama kusan 21,740, da kuɗin hanya 23,740. Farashin Kamba bai motsa ba, na Gaya bai motsa ba, amma ribar ta koma asarar sefa 740 a kowane buhu. Ga kuma awo: tiya tamu ba ita ce mudun can ba, buhu ma wani ya fi wani cika. Sai mun mai da komi kilo kafin kwatanci ya yi ma'ana.

Nan aikin ya tsuke. Muka jefar da taswira da rajistar masu amfani da sauran kayan ado. Abin da ya rage: hatsi uku, masara da gero da shinkafa, kasuwa uku, canjin safiyar ranar a bakin ƴan canji, da farashin kilo a sefa. Kowane saƙo zai ɗauki awar da aka karɓi canjin, don wanda ya gan shi da yamma ya san ya kwana biyu a ma'aunin kasuwa. Kuskurensa na iya jawo asarar kuɗi, shi ya sa awar ta zama dole, amma ba ya cin rai.

Wani ƙaramin abu ya kusa rusa zaɓin ana saura rabin awa. Saƙon SMS guda na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, wayar na sauya tsarin rubutu, ya koma 70, saƙo guda ya rabu uku, kuɗin ma ya ninka. Muka yanke a rubuta ba lanƙwasa, a bar lambobi su yi magana. Waɗanda ba su karatu kuma, murya ce ta minti guda a WhatsApp, da Hausa da Dendi da Zabarmanci, mu karanta irinta a rediyo da safe.

Mun miƙa sunan aikin saura minti goma. Inda yake da rauni mun san shi tun ranar: duk ya rataya a kan mutum uku da za su aiko da farashin gaskiya kowace safiya, ranar da rezo ke da kyau da ranar da babu. Ba lallai mai sayarwa ya faɗi gaskiyar farashi ba, shi ya sa muke son baki biyu a kowace kasuwa, mai saye da mai sayarwa. Na Gaya da Malanville sun samu. Na Kamba har yanzu mutum guda ne, don haka duk wanda ke da ɗan'uwa mai cin kasuwar hatsi a can, ya neme mu a gidan rediyo.