Mako Ɗaya Da Layin Taitireshan

Litinin

Aikin makon nan shi ne ɗalibaina su iya gane abu biyu daga giraf guda: yawan asid ɗin da ke cikin ruwa, da kuma ƙarfinsa. Mun fara da saita mitar pH cikin ruwan bafa mai 4, 7 da 10. Sodarmu, NaOH mai 0.100 M, sabon haɗi ce, domin idan ta daɗe a buɗe takan sha iskar CO2, ƙarfinta ya ragu, lissafi ya lalace tun daga tushe.

Talata

Asid mai ƙarfi muka ɗauka, HCl mai 0.100 M, mililita 25.0 a bika, soda a buret. Mita ta fara da 1.0. Da muka zuba rabin sodar da ake buƙata, ba ta kai 1.5 ba. Layin ya yi ta tafiya a kwance, sannan farat ɗaya ya miƙe: a mililita 24.9 muna kan 3.7, a 25.1 mun haura 10.3. Ɗigo huɗu ke nan ko makamancin haka. Tsakiyar wannan tsalle, pH 7 a mililita 25.0, ita ce gaɓar daidaito, inda soda ta cinye asid daidai wa daida.

Laraba

Yau ruwan khal na kanti muka gwada. Mun sirka shi ninki goma, muka ɗebi mililita 25.0 da fifet. Mita ta fara da 2.9. Da alama ta nuna tsalle ya kusa, muka koma zuba 0.1 kawai, muna juyawa, muna jira lamba ta natsu kafin a rubuta. Ga abin da ya fito: 20.6 ta ba da 6.8, 20.7 ta ba da 7.1, 20.8 ta ba da 8.7, 20.9 ta ba da 10.3, 21.0 kuma 10.6.

Ido kan yi kuskure a giraf, don haka na sa suka cire kowane karatu daga na gaba da shi. Bambancin ya zo 0.3, 1.6, 1.6, 0.3. Manyan biyun sun saka 20.8 a tsakiya, nan ce gaɓar. Lissafi: 0.100 × 20.8 ÷ 25.0 = 0.0832 M. A ninka sau goma saboda sirkin da aka yi, 0.832 M. Mol ɗaya na CH3COOH giram 60 ne, wato kusan giram 50 a lita, kashi 5 cikin ɗari.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, ai gaɓar a 7 ya kamata ta kasance. Ko mitar ce ta lalace?" Na ce mata mita lafiya lau take. Abin da ya rage a bikar gishirin asitet ne, shi kuma yana fizgar H+ daga ruwa ya bar OH−, shi ya sa gaɓar ta hau zuwa 8.7.

Alhamis

Ba mu taɓa buret ba yau, giraf biyun muka shimfiɗa kusa da juna. Na fara da gargaɗi: pH na farko shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin HCl da aka sirka sosai ma zai iya nuna 2.9. Adadin sodar da aka zuba kuwa yawan asid yake faɗa, ba ruwansa da ƙarfi.

Shaidar tana tsakiyar hanya. Rabin 20.8 shi ne 10.4, kuma a nan layin khal ya nuna kusan 4.8. A wannan wuri rabin asid ɗin ya koma gishiri, su biyun sun yi kunnen doki, saboda haka pH = pKa. Na asid ɗin khal 4.76 ne, wato Ka kusan 1.7 × 10⁻⁵. Wurin shimfiɗe yake: ƙarin mililita guda bai motsa pH da 0.1 ba, domin ruwan ya zama bafa. Alamomi uku ke nan suka haɗu a kan rauninsa: shimfiɗar nan a 4.8, gajeren tsalle da ya faro daga wajen 7, da gaɓar da ta wuce 7.

Juma'a

Mun maimaita gwajin khal ba mita, da indiketa kawai. Finolftalin, mai sauya launi tsakanin 8.2 da 10, ya yi ja-ja a 20.8, domin iyakarsa tana cikin tsallen. Metil oranj, mai sauyawa tsakanin 3.1 da 4.4, ya riga ya koma ɗorawa tun wajen mililita 6. Wanda ya dogara da shi zai ce khal ɗin bai kai sulusin yadda yake ba.

Na rufe da iyakar hanyar. Duk yadda asid ya ƙara rauni, tsallen raguwa yake yi. Asid ɗin borik, mai pKa kusan 9.2, layinsa hawa yake a hankali, ba tsallen da za a kama. Na ba su aikin gida: kowa ya zana layin da yake tsammani ga asid mai pKa 3.75, ya nuna inda zai bambanta da na khal.