Sa'ad da Saƙon Ya Tsaya a "Ina Wuni"



Kowannenku ya san irin saƙon nan. Waya ta yi ƙara, ka duba, ka ga "Sannu" ko "Ina wuni", ba a ƙara kome ba. Da yawa cikinmu mukan ce a zuci, in yana da magana ai sai ya faɗa. Sai mu aika hoton babban yatsa, ko mu bar saƙon a karance babu amsa. Ina so in roƙe ku mu sāke duban wannan hali, gama sau da dama gaisuwar nan ita ce iyakar ƙarfin da mai rubutun yake da shi a ranar.

Ku tuna yadda aka rene mu. Wanda ya zo gidanka da damuwa ba ya fara da damuwar. Yakan yi sallama a ƙofa, a ba shi wurin zama, a kawo ruwa, a tambayi gida da aiki da gajiya. Sai maigida ya lura da shi, ya ce, "Allah ya sa dai lafiya," sa'an nan baƙo ya gyara zama ya fara. Nauyin buɗe magana yana kan mai masauki. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, a waya babu fuska, babu murya, babu tabarma. Abin da ya rage wa mai damuwa shi ne sallamar kaɗai. In ka amsa da sanyi, kamar ka leƙo ne ka gan shi tsaye, ka mai da ƙofa ka rufe.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali na mutum. A Esta sura 5, sarauniya ta shiga wurin sarki a bakin ranta, ran jama'arta duka yana cikin hatsari. Sarki ya tambaye ta abin da take so, ita kuwa ta gayyace shi cin abinci kawai. A wurin cin abincin ya sāke tambaya, ta sāke gayyatarsa washegari. Sai a tambaya ta uku, a sura 7, ta faɗi maƙarƙashiyar Haman. Abu mai nauyi ba ya fitowa a tambayar farko. Haka kuma a Markus sura 10, makaho Bartimawas ya yi ta kiran Yesu a bakin hanyar Yariko, mutane suna kwaɓarsa. Ubangiji ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Yesu yana ganin makantarsa sarai, duk da haka ya ba shi dama ya faɗa da bakinsa.

Bari in ba ku misali daga hidimata. Wani saurayi cikin mawaƙanmu, ɗalibi, wanda bai saba rubuto mini ba, ya aiko da "Ina wuni Baba" wajen ƙarfe 11 na dare. Abu biyu suka sa na lura: lokacin, da kuma cewa Lahadi biyu ban gan shi a sujada ba. Na amsa na kira sunansa, na ce, "Lafiya lau, ɗana. Na ji daɗin jinka. Yaya karatu, yaya su Mama? In akwai abin da ke ranka, ina nan, ba na sauri." Ya ce, "Lafiya lau Baba, gaisuwa ce kawai." Na ce na gode, Allah ya ba mu alheri, ban matsa ba.

Bayan kwana biyu ya sāke gaisuwa, ya rubuta wani abu ya goge. Ban tambaye shi abin da ya goge ba. Na ce, "Ɗana, wata magana takan fi sauƙi a baki. Zan kasance a ofishin coci gobe ƙarfe 4. In kuma ka fi so in kira ka, sai ka faɗa." Ya zo. Ashe ya faɗi jarrabawa an sallame shi daga makaranta, wata guda ke nan yana fita kowace safiya da jaka don kada mahaifinsa ya gane, alhali uban ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makarantar. Muka yi addu'a, muka shirya yadda zai faɗi gaskiya, ni da wani dattijon ikilisiya muka raka shi gida. Mahaifin ya yi fushi ƙwarai, ba a kuwa warware kome a rana ɗaya ba, amma yaron ya daina ɗaukar kayan shi kaɗai.

Ku lura da abin da ke cikin amsar farko. Na kira shi da sunansa, domin ya san ba amsar kowa da kowa ba ce. Na tambayi abin da ya shafe shi, wato karatu da gida. Na buɗe ƙofa da "in akwai", kalmar da ke ba shi 'yancin shiga ko ƙin shiga ba tare da kunya ba. Wannan ya bambanta da "Me ya faru?" ko "Lafiya?" tsirara, waɗanda a rubuce sukan yi kama da tuhuma, su sa mutum ya ce ba kome ya gudu. Haka ma jero masa ayoyi biyar tun bai ce kome ba, kamar ba da magani ne kafin a ji ciwo. In kuwa kana cikin aiki, layi ɗaya ya isa: "Na ga saƙonka, zan neme ka da yamma." Sai dai ka cika alkawarin.

Akwai iyaka kuma. Wata gaisuwa gaisuwa ce kawai, zumunci ne, kada ka mai da kowane "Sannu" asibiti. Gayyata sau ɗaya ta isa, in ya ce lafiya, ka karɓa. In lambar baƙuwa ce, ka amsa da ladabi ka tambayi mai magana, gama 'yan damfara ma da gaisuwa suke farawa, kada kuwa ka ba kowa lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka, ko da ya ce shi ɗan ikilisiya ne. In hira tsakanin saurayi da budurwa ta fara nisa da dare, ku kawo ta fili da rana, ku haɗa mai damuwar da matar fasto ko wani shugaba amintacce. Abin da aka gaya maka kuwa amana ne, kada ya zama labari da sunan roƙon addu'a. Amma in mutum ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ko wani yana cutar da shi, ka bar rubutu, ka kira shi nan take, ka nemi babba.

A wannan mako, ka duba wayarka. Wataƙila akwai gaisuwar da ke jiran amsa tun kwanaki. Ka koma mata, ka kira sunan mai ita, ka tambayi gidansu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da kake jin nishinmu tun ba mu sami kalmomi ba, ka ba mu kunnen ji da zuciya mai haƙuri, domin wanda ya yi sallama a ƙofarmu ya sami wurin zama. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.