Daren da Muka Fita da Rarrafe

A gidanmu na Maradi an hana ihun "wuta!" Baba ya ce in ka faɗi haka da dare, rabin gidan za su ɗauka kuran ne ya dawo, su juya su ci gaba da barci. Kalmar da ya yarda da ita guda ce: gobara. Ni da nake karatun kimiyyar harshe yau, nan na fara ganin kalma mai ma'ana biyu tana iya cin rai.

Dokar ta zo ne bayan gidan maƙwabtanmu ya ƙone. Tagoginmu duk da ƙarafa saboda ɓarayi, hanyar fita ɗaya ce: falo, tsakar gida, ƙofa. Sai Baba ya kafa ƙusa gefen ƙofa, ya rataye makulli, ya raba mu. Ni ke da ƙanina ɗan shekara 5, yayata ke da Kaka don ba ta ji sosai, Inna da jaririya, shi kuma ya kashe kuran a wajen kwantar. Mahaɗa gindin dogon yaro na ƙofar gida. Sau uku ya sa muka gwada, fitilu a kashe, muna rarrafe muna dariya. Kunya nake ji, wallahi, ƙatuwa da ni.

Cikin sanyin Disamba, wajen ƙarfe 3, tarin Kaka ya tashe ni. Ban ga harshen wuta ba, wari kawai, irin na roba. Waya ce ta yi zafi bayan kujerar falo, soso ya kama. Na miƙe tsaye, nan take maƙogwarona ya shaƙe, idona ya rufe. Hayaƙi mai zafi sama yake taruwa, iskar shaƙa tana ƙasa, daidai gwiwa. Na durƙusa, na taɓa ƙofar ɗaki da bayan hannu, ba zafi, na buɗe na ƙwala: "Gobara!"

Ƙanina ba ya kan katifarsa. Tsoro ya sa shi ƙarƙashin gado, abin da ba mu taɓa gwadawa ba. Da lalube na kamo ƙafarsa na jawo. A falo ba a ganin komai, bango na bi da kafaɗa, shi yana riƙe da zanena.

Gindin bishiya Baba bai ƙirga kai ba, suna ya kira, kowa ya amsa. Mu bakwai. Yayata ta zabura za ta koma ɗauko takardunta na makaranta, Inna ta cafke ta: "Ke, in kin shiga wa za shi hiddo ki?" Maƙwabci ya buga 18, ƴan kwana-kwana suka zo sun tarar falo ya tafi, takardun ma haka.

Da gari ya waye, na ga tafin hannun Baba ya tashi. Da shi ya kama marikin ƙofar falo ya rufe ta bayanmu, don kada wutar ta sami iska.