Buhu ko tiya: aikin da ban yarda da tsarinsa ba

Duk shekarar da damana ta yi gardama, kafin watan Yuni hatsi ya ƙare a rumbunan talakawa, kuma kowa ya zuba ido ga cimaka mai rangwamen farashi. Ina cikin kwamitin saida ta a wata ƙaramar hukuma ta jihar Maradi. Wata shekara aka aiko mana tan 20, wato buhu 200 masu kilo 100, kowane a jika 13. Umarnin da ya biyo su shi ne: buhu guda ga takardar iyali guda, kuɗi hannu, ba a fasa buhu.

Ban yarda da wannan tsari ba, kuma dalilina lissafi ne. Buhu yana ɗaukar tiya kusan 40, ke nan tiya ta kama dala 65. Bazawara mai marayu tana iya samun kuɗin tiya biyar, amma jika 13 a dunƙule sai ta saida akuya. Wanda bai da akuyar kuwa, ɗan kasuwa zai ba shi kuɗi ya sayo da takardarsa, ya sallame shi da ɗan abin goro. Alamar ba ta ɓuya: ranar kasuwa za ka ga buhunanmu a rumfa ko ɗinkinsu ba a kwance ba.

Na faɗi wannan a taro tun ba a buɗe mangaza ba, na nemi a rubuta shi a takardar taron. Aka ce awo da tiya yana kawo giɓi, kuma da wuya a bi sawunsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don mai awo na iya tauye kowace tiya. Ba ta gamsar da ni ba, amma ba ni ke yanke hukunci ba.

Saboda haka na saida buhu-buhu kamar yadda aka ce. Ban fasa ko ɗaya a ɓoye ba, don in lissafi ya ƙi cika, mai gadin mangaza za a fara tuhuma. Ban kuma tsaya gaban jama'a ina zagin na sama don in wanke kaina ba. Umarnin bai hana mutane haɗa kuɗi ba, sai na roƙi masu gari su haɗa gida huɗu-huɗu: kowa ya kawo jika 3 da dala 50, a saya da takarda ɗaya, a raba tiya goma-goma. Na kuma rubuta yawan waɗanda suka koma hannu wofi don rashin kuɗi, na haɗa da rahoton ƙarshe.

Akwai inda biyayyata ta tsaya. Da an ce in sa sunayen bogi don buhu ya tafi gidan wani babba, da na ajiye aikin. Tsari maras kyau ana yin sa ana neman gyara. Sata kuwa ba a sa mata hannu.