Bayan Wuya Sai Daɗi: A Wace Sura Take?

Mu Hausawa muna da saurin cewa "Allah ya ce". Da an ga ɗan'uwa cikin damuwa, sai baki ya riga tunani, a haɗa guntun aya da guntun hadisi da karin maganar kakanni, a miƙa masa gaba ɗaya da sunan Alƙur'ani. Niyyar mai kyau ce. Amma jingina wa Ubangiji abin da bai faɗa ba ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma mu malaman lakwal da ke tilasta wa yara su nuna shafin da suka samo amsa, mu ya fi cancanta mu kiyaye.

A kakar bara gobara ta cinye rumbuna biyu na mahaifin wani abokin aikinmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Tasawa da Mayahi. Hatsin shekara guda ya zama toka a dare ɗaya. Muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, aka ce a rubuta takardar jaje a saka ciki. Direktanmu ya ce a buɗe ta da ayar nan da ke cewa mai haƙuri zai ga sauƙi bayan tsanani, a kuma sa sura da lambar aya, domin tsohon malamin allo ne, zai duba. Kowa a wurin ya san maganar, kowa ya rantse ya taɓa karanta ta. Babu wanda ya iya cewa ga inda take. Aka ɗora mini aikin nema.

Abin da aka tuna ya ƙunshi kalmomi huɗu: haƙuri, tsanani, sauƙi, da "bayan". Mai nema yakan ruga zuwa ga haƙuri, tunda shi ne ya fi tsaya masa a rai, kuma nan ne ake ɓata yini. Kalmar sabru da danginta sun zo fiye da sau 100 a cikin Alƙur'ani. Dabarar ita ce a ɗauki kalmar da ta fi ƙarancin zuwa. A nan ita ce tsanani, wato usru, wadda ita da duk danginta sau 12 kawai suka zo. Wurare 12 kuwa mutum zai karance su kafin shayi ya huce.

Na ari Mu'ujamul Mufaharas na Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi a wajen wani malami a Tasawa. Littafi ne da ya jera kalmomin Alƙur'ani bisa tushensu, kowace da sura da lambar aya a gefe. Wanda ba shi da shi, manhajar Alƙur'ani ta salula za ta yi, da sharaɗin ya rubuta tushen zalla, عسر, kada ya rubuta العسر. Wanda ya sa alif da lam a gaba zai rasa ɗaya daga cikin ayoyin da muke nema, domin ita ba ta da su.

Cikin wuraren 12, biyu ne suka yi kama da abin da muka tuna. Na farko Suratus Sharhi, wadda almajirai ke kira Alam Nashraha, sura ta 94, aya ta 5 da ta 6. A nan an haɗa tsanani da sauƙi har sau biyu a jere, amma kalmar da ta haɗa su ma'anarta "tare da", kuma babu kalmar haƙuri ko ɗaya a cikin ayoyi 8 na surar. Na biyu ƙarshen aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ, sura ta 65. Nan ne "bayan" ta fito, nan ne aka yi alkawarin sauƙi a bayan tsanani. Sai dai da na koma aya ta 6 na karanto, na tarar magana ce a kan matar da aka saki, da ladan shayarwa, da cewa mai wadata ya ciyar daidai wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Alkawarin gaskiya ne, amma dattijon da ya haddace Alƙur'ani zai yi murmushi in ya ga an yi masa jajen gobara da ayar saki. A nan ma babu haƙuri.

To daga ina haƙurin ya shigo? Malamin da na ari littafinsa bai ko ɗaga kai ba, ya ce in duba Arba'una Hadis na Imam Nawawi, hadisi na 19, wasiyyar Annabi (SAW) ga Abdullahi ɗan Abbas. A ruwaya ta biyu da Nawawi ya kawo, an jera abubuwa uku: nasara da haƙuri, buɗi da baƙin ciki, sauƙi da tsanani. Tun muna yara muke jin wannan a wajen karatun zaure, muna kuma jin Alam Nashraha a sallar magariba, muna jin "bayan wuya sai daɗi" da "mahaƙurci mawadaci" a bakin iyayenmu mata. Ƙwaƙwalwa ta dama su wuri guda kamar fura, ta mayar mana da jimla ɗaya wadda, da wannan siffa, ba ta cikin Mus'hafi.

Ayar da ta dace da halin tsohon tana wani wuri dabam, a Suratul Baƙara. Nan ne aka ambaci jarrabawa da tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka da amfanin gona, sannan aka yi bushara ga masu haƙuri. Gobarar rumbu ta shiga ciki kai tsaye. A salulata aya ta 155 ce.

Wani malamin aji uku ya buɗe nasa Alƙur'anin ya ce ta 154 ce, har muka fara musu. Ashe dukanmu da gaskiyarmu. Nawa ruwayar Hafsu ce, wadda ke bin ƙidayar Kufa, inda haruffan farkon Baƙara suke aya mai zaman kanta, surar kuma tana da aya 286. Nasa ruwayar Warshu ce, wadda makarantun allo na ƙasarmu suka gada, mai bin ƙidayar Madina, inda ba a ƙirga haruffan a matsayin aya ba, surar kuma tana da 285. Ba kalma ko ɗaya aka rage ba, wurin sa alamar tsayawar aya ne ya bambanta. Saboda haka in ka nemi lamba a Baƙara ka tarar da wata magana, duba ayar da ke sama ko ƙasa kafin ka ce an yi kuskure.

Akwai kuma abin da lamba ba ta iya yi. Gardin da ya tashi a tsangaya bai san Alƙur'ani da lambobi ba, ya san shi da izu da sumuni. Ka ce masa Baƙara 155 zai tsaya yana kallonka. Ka ce masa izu na uku, Sayaƙulu, zai kai ka wurin ido rufe. Alam Nashraha tana izu na 60, wato Sabbi, Ɗalaƙ kuma tana izu na 56. Don haka a takardarmu muka rubuta sunan sura, da lambobin biyu, da izu. Maganar haƙuri da sauƙi ma mun saka ta a ƙasa, muka rubuta a fili cewa hadisi ne, na 19 a Arba'una.

Tun daga nan, in wani ya kawo mini guntun magana yana neman ayarta, tambayata ta farko ita ce wace kalma ce ya tabbata ya ji da Larabci. In ya faɗe ta, mu nemi tushenta, mu karanta ayar da ke gabanta da wadda ke bayanta, sannan mu duba fassara, kamar ta Sheikh Abubakar Gumi, mu ga ko maganar a kan abin da muke zato take. In kuwa babu kalmar Larabci ko ɗaya da ya tuna, sai Hausarta mai daɗin faɗi, to mu fara da zaton karin magana ce. Karin magana ba abin kunya ba ne a takardar jaje, a dai rubuta "Hausawa suka ce" a gabanta.